Hoton Neda da Neda ta Biyu: Yadda Ake Tabbatar da Mai Hoto

Ranar 20 ga Yunin 2009 aka harbe Neda Agha-Soltan, 'yar shekara 26, a wani titin Tehran, lokacin zanga-zangar da ta biyo bayan zaɓen shugaban ƙasar Iran. Bidiyon rasuwarta ya karaɗe duniya, sai 'yan jarida suka shiga neman hotonta na lokacin da take raye. Aka dubo a Facebook aka ga wata mai suna Neda Soltani, sanye da ɗankwali, tana murmushi. Suna ya yi kusa, ƙasa ɗaya, ga kuma ɗan kama. Nan take aka ɗauke hoton.

Ita kuwa wannan Neda tana raye, shekarunta 32, malamar adabin Ingilishi ce a jami'a. Sai ga fuskarta a talabijin da jaridu, ga ta a kwalayen masu zanga-zanga an kewaye ta da kyandir. Asusun da aka ciro hoton yana aiki, mai shi tana karanta saƙonni. Tambaya guda, "Ke ce a wannan hoton?", da ta kashe maganar tun ranar farko, domin mamaci ba ya amsa saƙo.

Da ta yi ƙoƙarin gyara, abin ya ƙara dagulewa. A cewarta, ta aika wa wata kafar labarai hotonta na biyu don a kwatanta a ga ba ita ce marigayiyar ba, sai aka watsa shi a matsayin sabon hoton wadda aka kashe. Ta goge na farkon daga shafinta, mutane suka ce gwamnati ce ta sa aka cire, suka ƙara yaɗa shi. Ko bayan iyalan marigayiyar sun fitar da hotunanta na gaskiya, na kuskuren bai daina yawo ba. Jami'an tsaro kuma suka matsa mata ta fito ta nuna cewa ba a kashe kowa ba. Ta ƙi, kuma a farkon Yuli ta gudu, ta ƙare da neman mafaka a Jamus.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa game da "majiya mai tushe". Wanda ya so tantancewa a wancan makon zai tarar da manyan kafafe da dama ɗauke da hoto ɗaya, ya ce ai magana ta tabbata. Alhali duk daga rijiya ɗaya suka sha. Kafa goma da suka kwafi juna shaida ɗaya ce, ba goma ba. Abin tambaya shi ne: wa ya ba su hoton? In ƙasan hoto an rubuta cewa daga iyali ya fito, ko an ambaci mai ɗaukarsa da rana da wuri, akwai wanda za a kama da magana. In kuwa an ce "daga soshiyal midiya", ba a ce komai ba.

Binciken hoto da Google Lens ko TinEye yana da amfani, amma aikinsa nuna wuraren da hoto ya taɓa fitowa, ba faɗin ko wane ne a ciki ba. Sunan da zai nuna maka shi ne wanda wasu suka liƙa. Fa'idarsa ita ce ya kai ka ga kwafi mafi tsufa, daga nan ka samu mutumin da za ka tambaya. Bayan sace 'yan matan Chibok a Afrilun 2014, wasu hotunan da suka yi ta yawo da taken #BringBackOurGirls ba na 'yan Najeriya ba ne ma. Ami Vitale, wadda ta ɗauke su, ita ta fito ta ce 'yan matan Guinea-Bissau ne, ta san su, kuma shekaru kafin sacewar ta ɗauki hotunan.

Ita ma tambayar tana da ƙa'ida. Kada ka tambayi asusun da ya turo maka hoton, domin mai sojan gona zai ce shi ne. Nemi mutumin ta wata hanya daban: lambar da ka sani tun da, wurin aikinsa, ko kiran bidiyo. In ɗan'uwa ko abokin aiki za ka nuna wa, kada ka ce "Ba wane ba ne wannan?" Mutum mai kunya ko mai jimami zai gyaɗa kai kawai. Ce masa "Ka san wannan?", ka bar sunan ya fito daga bakinsa, sannan ka bi da "A ina aka ɗauka, yaushe, wa ya ɗauka?" Wanda hoton yake nasa yawanci yana da na asali wanda ba a yanke ba, ko wasu da aka ɗauka rana ɗaya da kaya iri ɗaya.

Mai hoto ma yana iya musantawa in hoton na abin kunya ne ko zai jawo masa shari'a, shi ya sa ake haɗa amsarsa da ta wani wanda ba shi da riba a maganar. In an rasa mutumin, an rasa danginsa, an rasa mai kyamara, to sunan bai tabbata ba, kuma hoton ba ya fita da suna a ƙarƙashinsa.