Takardar da ke Riƙe da Shirin Kai Tsaye

Ma'aikacin rediyo ko talabijin ba ya zama gaban makirfo sai da takarda a hannunsa, wadda ta nuna abin da zai faru a kowane minti na shirin. Yanzu da waya ta ba kowa damar fitowa kai tsaye a Facebook, TikTok ko YouTube, mutane sun ɗauki kyamara sun bar takardar. Shi ya sa za ka ga shirin da aka ce na rabin awa ne ya haura awa guda, kuma rabinsa gaisuwa ce.

Takardar ba ta da wuya. Kowane layi yana ɗauke da lokacin agogo, da tsawon sashen, da wanda zai yi magana, da abin da za a nuna, sai kuma abin da za a tambayi masu kallo. Ba a rubuta magana kalma bayan kalma, don mai karanta rubutu a gaban kyamara ana gane shi daga ido. Jimlar buɗewa, da farashi, da tambayoyi kawai ake rubutawa cikakku.

A ɗauka wani mai shago ne a Kantin Kwari zai nuna kayan Sallah na minti 40, daga 8:30 na dare, bayan an idar da Isha'i. Minti uku na farko sallama ce da faɗin abin da za a gani. Daga 8:33 zuwa 8:43 atamfa kala biyar, kowace minti biyu. Sai minti biyar na amsa tambayoyi, minti goma na leshi da shadda, wasu biyar na tambayoyi, sannan minti huɗu na bayanin yadda ake saye da aikawa. Lissafi ya tsaya a 9:07. Ragowar minti ukun da gangan aka bar su fanko, domin ba a rasa abin da zai cinye su: sabis ya yanke, ko an ɗauke wuta, ko yaron shago ya miƙo turmin da ba shi aka nema ba.

Inda mafi yawan masu shiri ke tuntuɓe shi ne wajen tambayar masu kallo. Abin da ka faɗa ba ya isa wayarsu nan take. Akwai jinkiri na daƙiƙoƙi, wani lokaci har 20 ko fiye, gwargwadon manhaja da ƙarfin sabis, sannan ga lokacin da mutum zai ɗauka yana rubutu. Mai gabatarwa ya yi tambaya, ya zuba wa waya ido, ya ga shiru, sai ya ɗauka babu mai sauraro, ya soma kame-kame. Maganin yana cikin takarda: a rubuta tambaya a layi ɗaya, karanta amsarta a wani layin na gaba. Mai shagon zai ce a 8:37, “Wacce ta fi, ta ɗaya ko ta biyu? Ku rubuta 1 ko 2,” ya ci gaba da buɗe ta uku, sai 8:39 ya waiwayi amsoshi.

Irin tambayar ma da lissafi. “Me kuke gani?” ba ta cika samun amsa ba, don tana neman dogon rubutu. Lamba, ko sunan garin da mutum yake kallo, ko “eh” da “a'a”, su ake amsawa da yatsa ɗaya. Kuma da yake jama'a na shigowa ne a tsakiyar shiri, ya kamata kowane minti goma a sa layi guda na maimaita wane ne ke magana da abin da ake yi.

A ganina mutum ɗaya ba zai iya riƙe kaya, ya karanta saƙonni, ya kuma duba agogo ba. Ana buƙatar na biyu a bayan kyamara, da kwafin takardar da wata wayar. Shi zai tsamo tambayoyi uku masu ma'ana cikin tarin gaisuwa, ya goge zagi, ya ɗaga yatsu biyu idan saura minti biyu. Shi zai lura cewa 8:46 ta yi ana kan atamfa, wato an makara da minti uku. Tun kafin a fara sai a sa alama a kan sashen da za a iya ragewa. A wannan shirin zagaye na biyu na tambayoyi ne zai koma minti biyu, bayanin yadda ake saye kuwa ba a taɓa shi, kuma lambar asusu da ta waya a rubuce za a nuna su a kwali, a riƙe har mai kallo ya samu damar ɗaukar hoton fuskar wayarsa.