Harajin kuɗin haya a Gana: GRA ba ta duba rasit ɗin kafinta

Ina taya 'yan kasuwarmu lissafi a Kumasi, kuma duk wanda ya gina gidan haya tambayarsa ɗaya ce: "In na cire kuɗin gyara da ladan dillali, a kan ragowar zan biya?" A Najeriya doka ta yarda a cire abin da aka kashe don samun kuɗin hayar. A Gana kuwa, ga mutumin da ba haya ce sana'arsa ba, amsar ita ce a'a. Hukumar GRA tana karɓar kashi 8 cikin 100 na gundarin kuɗin hayar gidan kwana, shi ke nan.

A ce kana da ɗakuna huɗu, kowanne sidi 250 a wata, wato 12,000 a shekara. Damina ta ci kwano, ka kashe 3,000, dillali ya karɓi 1,200. Abin da ya rage a hannunka 7,800 ne. Amma harajin 960 ne, ba 624 ba. Kenan a shekarar gyara, abin da ka biya ya haura kashi 12 na ribarka.

In shago ne a gaban gidan, kashi 15 ake cira, don haka a raba masa takardar hayarsa daban.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne kuɗin gaba. Ka karɓi na shekara guda a dunƙule, harajinsa duka zai hau kanka cikin kwana 30. Ni dai shawarata, ware na GRA tun kafin ka kira magini.