Me ya sa gajimare ba ya haɗuwa sai da ƙura?

A shekarar 1880 wani masanin kimiyya ɗan Sukotilan, John Aitken, ya ɗauki kwalabe biyu na gilashi. Ɗaya ya bar ta da iskar ɗaki yadda take, ɗayar kuma ya cika ta da iskar da ya tace da auduga har babu sauran ƙura. Sai ya busa tururin ruwa a cikin kowacce. Nan take kwalbar farko ta yi fari fat da hazo, ta biyun kuwa ta zauna garau. Tururi iri ɗaya, sanyi iri ɗaya, amma inda babu ƙura ɗigon ruwa ya ƙi samuwa.

Dalilin yana kan fuskar ruwa. Ƙwayoyin da suka haɗu suka yi ruwa suna jan junansu. Wadda take can tsakiya ana jan ta ta kowane ɓangare, amma wadda take a fuska ba ta da kowa a samanta, don haka ciki kawai ake jan ta. Wannan ne ke sa fuskar ta ɗaure kamar fatar ganga, har a iya kwantar da allura a kanta a hankali ba ta nutse ba. Shi ne kuma ke dunƙule raɓa a kan ganye.

Duk da wannan ja, kullum wasu ƙwayoyi na kuɓucewa su zama tururi, wasu kuma na dawowa daga iska. A rufe ruwa a kwano, za a kai lokacin da masu fita da masu dawowa suka yi daidai. Matsin tururin da ke saman ruwan a lokacin shi ake nufi idan an ce danshin iska ya kai kashi 100 cikin 100. Sai dai wannan ma'auni na shimfiɗaɗɗen ruwa ne. A kan ɗigo fuskar a lanƙwashe take, maƙwabtan kowace ƙwaya sun ɗan zame ƙasa da ita, riƙon da suke yi mata ya ragu, ficewa ta yi sauƙi. Ga kuma matsi daga ciki, domin ɗaurarriyar fuskar tana matse ɗigon: wanda ke da maikiromita 1 daga tsakiya zuwa baki, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, matsin cikinsa ya haura na waje da kusan ninki ɗaya da rabi na matsin iskar duniya. Saboda haka ɗigo na buƙatar tururi fiye da na ruwan kwano kafin ya tsira daga bushewa.

William Thomson na Jami'ar Gilasgo, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya fitar da lissafin wannan a 1871. A zafin ɗaki, ɗigo mai maikiromita 1 ƙarin da yake nema bai taka kara ya karya ba, kashi ɗaya ne cikin dubu. A rage shi sau goma, ƙarin ya koma kashi 1 cikin 100. A sake ragewa sau goma, zuwa nanomita 10, ya kai kashi 11. A nanomita 1 kuwa sai tururin ya kusa ninka na shimfiɗaɗɗen ruwa sau uku.

To, a nan gizo ke saƙa. A iskar da aka tace, ɗigo ba shi da mafari sai 'yan ƙwayoyi su ci karo su manne, kuma wannan dunƙulen bai wuce nanomita ɗaya ba. Kafin ya girma ya watse, domin a cikin gajimare da wuya danshi ya zarce 100 da fiye da kashi ɗaya ko biyu. Ƙura ce ke ba da mafita. Idan ruwa ya lulluɓe ƙwayar ƙura mai nanomita 100, ɗigon ya fara rayuwa da girmansa, ƙarin kashi 1 ya ishe shi. Idan ƙwayar ta gishirin teku ce abin ya fi sauƙi, don gishirin da ya narke yana rage ficewar tururi. Hilding Köhler ɗan Suwidin ne ya haɗa waɗannan abubuwa biyu a lissafi guda.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙura kaɗai ke kawo hadari. Da hunturu iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura mai ɗimbin yawa daga kwarin Bodele a Cadi ta baza ta a kan Kano da Damagaram, amma iskar a bushe take ƙamas, danshinta bai ko kusanci 100 ba. Sai iskar damina ta taso daga teku da laimarta, ta hau sama ta yi sanyi, sannan tururi ke fara taruwa a kan ƙwayoyin da ke yawo a iska.