Burodi Nawa Za a Sayar Kafin a Fara Cin Riba?

Akwai gidan burodin da tandarsa ba ta hucewa, masu shayi na layi tun asuba, ana ta ƙirga kuɗi da yamma, amma ƙarshen wata ya zo a rasa na biyan ma'aikata. Mai gidan zai fara zargin yaransa da ɗauke-ɗauke, alhali sau da yawa babu ɓarawo a ciki. Abin da ya faru shi ne cinikin bai kai adadin da zai biya ɗawainiyar gidan ba, kuma shi kansa bai san adadin ba. Wannan adadi shi ne matakin canjaras, wato inda kuɗin da ya shigo ya yi daidai da wanda ya fita, babu riba babu faɗuwa. Lambobi uku kacal ake buƙata a fitar da shi, kuma duk wanda ya iya raba kuɗi a kalkuletar wayarsa zai iya.

Lamba ta farko ita ce tsayayyen kuɗi, wanda za ka biya ko ka yi aiki ko ba ka yi ba. Hanyar gane shi mai sauƙi ce. Ka tambayi kanka: in na rufe tanda wata guda cur, wa zai zo ya ce in biya shi? Mai haya zai zo, mai gadi zai zo, ma'aikacin da ke kan albashin wata zai zo. Mai fulawa ba zai zo ba, domin ba ka ɗauko masa ko buhu ɗaya ba.

Bari mu ɗauki misalin ƙaramin gidan burodi a wata unguwa ta Kano. Lambobin na misali ne, kowa sai ya sa nasa. Hayar shekara naira 600,000 ce, wato 50,000 a wata. Albashin ma'aikata huɗu 200,000. Wutar lantarki da man janareta na haske da injin kwaɓi 90,000. Haraji da sabunta takardu, in an raba su kan watanni, 20,000. Saura abu guda da kusan kowa ke mantawa, wato tsufan kayan aiki. An sayi tanda da injin kwaɓi naira 2,400,000, kuma ana sa ran za su yi shekara biyar, wata 60 ke nan, don haka kowane wata suna cin 40,000 ko da ba wanda ya miƙo hannu ya karɓa. Jimilla, naira 400,000 a wata.

Lamba ta biyu ita ce farashin sayarwa, kuma a nan ana nufin kuɗin da ke shiga aljihunka da gaske. In mai shago yana sayar da burodin 1,200 amma kai kana ba shi a sari kan 1,000, to farashinka 1,000 ne.

Ta uku ita ce kuɗin da ke bin kaya, wanda ke ƙaruwa da kowane burodi da aka gasa. Ba a iya auna yis ɗin burodi ɗaya, saboda haka ana lissafawa a kan kwaɓi guda sannan a raba. A ce buhun fulawa mai kilo 50 an ɗauko shi daga Kasuwar Singa kan 60,000. Sukari da bota da yis da gishiri 12,000. Itacen tanda 3,000, leda 2,000, ladan mai kai kaya 3,000. Kwaɓin ya tashi a 80,000, ya ba da burodi 100, kowane ɗaya ya ci naira 800 ke nan. A lura cewa ba sunan abu ne ke nuna rukuninsa ba, yadda ake biyansa ne. A gidajen da ake biyan ma'aikata kan kowane buhu da suka kwaɓa, ladansu yana cikin wannan rukuni na uku.

Yanzu sai a cire 800 daga 1,000, saura 200. Mutane da yawa suna kiran wannan ɗari biyu riba, kuma daga nan kuskuren yake farawa. Rara ce kawai, kuma tana da aikin da ke jiranta. Ka ɗauki tsayayyen kuɗin nan kamar rami mai zurfin naira 400,000, kowane burodi da aka sayar yana zuba ƙasar naira 200 a ciki. Sai ramin ya cike tukun abin da ya hau sama zai zama riba. Tambayar ita ce burodi nawa zai cike shi:

adadin canjaras = tsayayyen kuɗi ÷ (farashi − kuɗin da ke bin kaya)

Wato 400,000 ÷ 200, ya ba da burodi 2,000 a wata, buhu 20 na fulawa ke nan. In ana aiki kwana 26, kusan burodi 77 ne a rana, kuma wannan ita ce lambar da ya kamata mai gidan ya riƙe a kansa kullum. Ana iya gwada amsar: burodi 2,000 sun kawo 2,000,000, kayan haɗinsu sun ci 1,600,000, saura 400,000, daidai da tsayayyen kuɗi. In an sayar da 2,600, ribar ita ce rarar guda 600 da suka haura, wato 120,000. In an tsaya a 1,500, an yi faɗuwar 100,000, duk da cewa naira miliyan ɗaya da rabi ta ratsa ta cikin akwatin kuɗi.

Fitar da matakin a kuɗin ciniki yana da hanya biyu. Ta kusa ita ce a ninka adadin da farashi, 2,000 × 1,000, a sami naira 2,000,000. Ta biyu ta fi amfani. Ana duba kason da rara ta ɗauka a cikin farashi: 200 cikin 1,000 kashi 20 cikin ɗari ne, ma'ana kowace nairar ciniki tana barin kwabo 20. Sai a ce:

cinikin canjaras = tsayayyen kuɗi ÷ (rara ÷ farashi)

400,000 ÷ 0.2 ya sake ba da 2,000,000. Amfanin wannan hanya yana fitowa ne ga wanda ke sayar da kaya iri-iri, babban burodi da ƙarami da kek da cincin, inda ƙirga guda-guda ba zai yi ma'ana ba. Shi sai ya buɗe littafin watan jiya. Ciniki 2,600,000, kuɗin kayan haɗi 2,080,000, saura 520,000, wanda in an raba shi da cinikin ya ba da 0.2. Sharaɗin kawai shi ne gaurayen kayan ya zauna yadda yake. Idan masu saye suka karkata ga nau'in da rararsa ba ta da yawa, kason zai sauka, kuma cinikin miliyan biyu ba zai ƙara isa ba.

Abin da na fi so mai sana'a ya fahimta shi ne yadda wannan lamba ke motsi, domin ba kowane tsada ne ke da nauyi ɗaya ba. A ce mai haya ya ƙara kashi 20 cikin ɗari, wato 10,000 a wata. Tsayayyen kuɗi ya koma 410,000, adadin canjaras ya koma 2,050. Burodi biyu ne aka ƙara a rana, ba abin tashin hankali ba ne. To a ce kuma fulawa ce ta tashi daga 60,000 zuwa 70,000, ƙarin da bai ma kai kashi 20 ba. Kwaɓi ya koma 90,000, kowane burodi 900, rara ta koma 100, adadin canjaras ya zama 4,000. Ya ninka. Gidan da yake sayar da 2,600 yana cin ribar 120,000 jiya, yau yana faɗuwar 140,000, alhali ko mai saye ɗaya bai rasa ba.

Masu burodi a Najeriya sun ɗanɗana wannan tun daga 2023, lokacin da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni. Mafi yawan alkamar da ake niƙawa fulawa daga waje ake shigo da ita, don haka faɗuwar naira kai tsaye take shiga buhu. Wanda ya ga burodi ya ƙara kuɗi ko ya ƙanƙance a lokacin yana iya cewa haɗama ce, amma lissafin nan ya nuna cewa da yawa suna ƙoƙarin dawo da rarar ne kawai. A misalinmu, ƙarin naira 100 a farashi shi ke mayar da rara 200, in har masu saye ba su gudu ba.

Haka abin yake ta ɗaya ɓangaren, wajen rage farashi don jan kasuwa. Ragin naira 50 a kan 1,000 kamar ba komai ba ne, kashi biyar ne kacal. Amma daga cikin rara yake fita, ya mai da ita 150, adadin canjaras ya koma 2,667. In kana kan matakin canjaras, kafin ka yi ragin ka tabbata akwai masu sayen ƙarin burodi 667 a wata, domin su ne za su mayar da kai inda kake tun farko.

Akwai wuraren da lissafin kan yi wa mutum ƙarya, kuma kusan duk daga lambobin da aka zuba masa ne. Babba a ciki shi ne kwantai. Mun raba 80,000 da 100 kamar duk abin da aka gasa an sayar. In biyar cikin ɗari suna ƙonewa, ko suna dawowa daga shaguna, ko ana rabar da su kyauta, da 95 za a raba. Kowane burodi ya koma kusan 842, rara 158, adadin canjaras ya haura 2,500. Alamar wannan matsala ita ce buhunan da aka kwaɓa ba sa daidaita da kuɗin da aka karɓa. Buhu 26 ya kamata su kawo 2,600,000, in littafi ya nuna ƙasa da haka, a nemi bambancin a kwantai ko a bashi. Burodin da mai shayi ya karɓa da alkawarin gobe ya shiga ciniki a rubuce, amma ba ya sayo fulawa sai ranar da aka biya.

Na biyu shi ne ladan mai gida. Mutumin da ke tsaye a kan aikin daga asuba zuwa dare yana cin abinci daga akwatin nan, ko ya rubuta ko bai rubuta ba. Gara ya yanka wa kansa albashi ya sa a tsayayyen kuɗi. In 100,000 ne, jimilla ta koma 500,000, adadin ya koma 2,500. Haka ake yi in ana son wata riba takamaimai: a ɗora ta kan tsayayyen kuɗi sannan a raba da rara. Mai neman ribar 150,000 bayan albashinsa zai raba 650,000 da 200, ya ga yana buƙatar burodi 3,250.

Tsayayyen kuɗin ma yana da iyakar tsayuwarsa. In tandar gidan da ma'aikatansa huɗu ba za su iya wuce burodi 3,000 a wata ba, to adadin 4,000 da tsadar fulawa ta haifar ba abin da za a kai ba ne da ƙarin ƙwazo. Kai wa can yana nufin aikin dare da ƙarin ma'aikata biyu da ƙarin mai, a ce 150,000, sai tsayayyen kuɗi ya koma 550,000, a raba da rarar 100, adadin ya sake gudu zuwa 5,500. Duk lokacin da amsar ta fi ƙarfin tanda, gyaran yana wajen rara: a ƙara farashi, ko a rage nauyin burodi, ko a haɗu da wasu gidajen a sayi fulawa da yawa don samun rangwame, sannan a sake buga lissafin da sababbin lambobin kafin a kwaɓa buhu na gaba.