Hotuna 420 a Umarni Ɗaya: Yadda Ake Sauya Sunayen Fayiloli Ba Tare da Ɓarna Ba

Duk mai ɗaukar hoton biki ya san aikin da ke jiransa bayan an watse. Ya juye katin kamara a kwamfuta, sai folda ta cika da sunaye masu kama da juna kamar 'yan gida ɗaya: IMG_4021.JPG, IMG_4022.JPG, haka dai har ƙasa. Yawancin kamarori suna bin ƙa'idar da ake kira DCF, wadda ke bai wa kowane hoto harafi huɗu da lamba huɗu. Shi ya sa hotunan Canon kan fara da IMG_, na Nikon kuma da DSC_. Lambar ba ta wuce 9999, daga nan sai ta koma farko, don haka wanda ya daɗe a sana'ar zai iya tarar da hoton wata amarya da na wani taron suna ɗauke da suna iri ɗaya.

A ɗauka mai hoto ya dawo daga kamun amarya da hotuna 420, daga IMG_4021 zuwa IMG_4440, yana son kowanne ya ɗauki kwanan wata da sunan taron. In zai bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne na cin daƙiƙa goma, sai ya share awa ɗaya da minti goma yana bugu. Wasu kan zaɓe su duka su danna F2 su rubuta suna guda, Windows kuma ta jera musu Kamu (1), Kamu (2). Wannan yana da sauri, amma lambar kamara ta tafi ke nan, kuma da ita ake gano asalin hoto a kati idan uwar amarya ta dawo neman a sake wanke mata wani.

Hanyar da ta fi ita ce a cire gutsuren da ke maimaituwa kawai, wato IMG_, a sa wani a gurbinsa, a bar sauran sunan yadda yake. PowerShell, wanda ke zuwa a cikin Windows tun daga Windows 7 ta shekarar 2009, yana yin haka ba tare da an sauko da wata manhaja ba. Mai hoto zai buɗe foldar, ya danna wurin adireshi da ke samanta, ya rubuta `powershell`, ya danna Enter. Taga za ta buɗe a cikin foldar, sai ya rubuta wannan:

```
Get-ChildItem IMG_* | Rename-Item -NewName { $_.Name -replace '^IMG_', '2024-12-28_Kamu_' } -WhatIf
```

Kashin farko yana tattaro duk fayil ɗin da sunansa ya fara da IMG_. Na biyu yana ɗaukar sunan kowanne, ya cire abin da ke cikin baka na farko, ya sa abin da ke cikin na biyu. Alamar `^` tana nufin a farkon suna kaɗai za a duba. An fara kwanan watan da shekara ne don fayiloli su jeru bisa lokaci da kansu, an kuma raba shi da ƙaramin layi saboda Windows ba ta yarda da `/` ko `:` ko `?` ko `*` a cikin suna ba.

Kalmar ƙarshe, `-WhatIf`, ita ce ke tsare dukiyar mutum. Muddin tana nan, kwamfuta ba za ta taɓa fayil ko ɗaya ba. Za ta jero layi 420 ne, kowanne yana nuna tsohon suna bayan kalmar Item, da sabo bayan kalmar Destination. Layin farko zai nuna IMG_4021.JPG zai koma 2024-12-28_Kamu_4021.JPG.

Abubuwa uku ake dubawa a nan. Na farko, a karanta layin sama da na tsakiya da na ƙasa, a ga ko lambar kamara na nan. Na biyu, a tabbata wutsiyar sunan, wato .JPG, ba ta taɓu ba, domin da ita Windows ke sanin manhajar da za ta buɗe fayil. Na uku, a lura ko wani baƙon fayil ya shigo sahu. Idan komai ya yi daidai, sai a danna maɓallin kibiyar sama don umarnin ya dawo, a goge `-WhatIf`, a danna Enter. Cikin 'yan daƙiƙoƙi an gama.

Me ya sa ake nacewa kan wannan dubawa? Saboda `-replace` ba ya karanta alamomi yadda mutum ke karanta su. A wurinsa ɗigo yana nufin kowane harafi. Wanda ke son ya mayar da ɗigogin da ke cikin sunayen takardunsa su zama layin ƙasa, ya rubuta `-replace '.', '_'`, zai sha mamaki: IMG_4021.JPG, mai harafi 12, zai koma layin ƙasa guda 12 a jere, babu lamba babu wutsiya. Da `-WhatIf`, wannan ɓarna a allo za ta tsaya, ya gan ta tun a layin farko. Ɗigo na gaske ana rubuta shi ne `\.`, kuma ko da hakan sai an kula, don ɗigon da ke gaban JPG ma zai shiga ciki. Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne Ctrl+Z ba ya mayar da abin da PowerShell ya sauya.

Sai dai dubawar ma tana da iyaka. Ba ta faɗakarwa idan fayiloli biyu za su yi karo a kan suna guda. A ce an yi aikin da kamara biyu, akwai IMG_4021.JPG da DSC_4021.JPG a folda ɗaya, aka ce dukansu su koma Kamu_. `-WhatIf` zai jero su ba tare da ya ce uffan ba. Sai an zo aikin gaske ne PowerShell zai sauya na farko, ya ƙi na biyu, ya fito da jan rubutu cewa akwai fayil mai wannan suna. Ba a yi asarar hoto ba, amma folda ta zama rabi sabo rabi tsoho. Maganin shi ne a yi umarni biyu tun farko, hotunan Canon su zama Kamu_A_, na Nikon su zama Kamu_B_.

Lokacin yin aikin ma abin lura ne. Manhajojin gyaran hoto da na haɗa bidiyo, irin su Lightroom da Premiere, suna riƙe fayil ne da sunansa da wurin da yake. Idan aka sauya suna bayan an shigar da shi, za su ce ya ɓata. Don haka a sauya tun kafin a fara gyara.

Wanda bugun umarni bai kwanta masa ba yana da mafita. Microsoft tana bayar da PowerToys kyauta, a ciki akwai PowerRename, mai akwatin abin da za a nema da na abin da za a sa, yana kuma nuna tsoho da sabon suna gefe da gefe tun mutum yana rubutu. A Linux, umarnin `rename` yana karɓar `-n` don irin wannan dubawa.

Mai karatun da zai gwada karon farko ya kwafi hotuna goma zuwa wata sabuwar folda ya fara da su, kuma kada ya goge katin kamara sai ya buɗe hoton farko da na ƙarshe da sababbin sunayensu ya ga sun buɗe lafiya.