Yadda Ake Gane Ciwon Ƙ, Ɗ da Ɓ a Saƙon Tes da PDF

Idan harafi mai lanƙwasa ya lalace, a fara duba kamannin da ya ɗauka, domin kowace ɓarna da musabbabinta.

A ce makaranta ta tura wa iyayen yara saƙon tes: "Ranar ƙarshe ta biyan kuɗi Litinin ce." Sai ya isa wayoyinsu da ?arshe da ku?i. Dalili shi ne saƙon tes na yau da kullum yana tafiya ne da tsarin GSM-7, mai ɗaukar haruffa 160, kuma babu ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ a cikinsa. Manhajar turawa ta rasa inda za ta sa su, sai ta maye gurbinsu da alamar tambaya. Wannan ba ya gyaruwa a wayar mai karɓa, don tun a hanya harafin ya salwanta. Maganinsa a zaɓi Unicode wajen turawa.

Sai dai fa akwai tsada. Da ƙ ɗaya tak ta shiga, saƙon gaba ɗayansa ya koma tsarin UCS-2, mai ɗaukar haruffa 70 kacal, ko 67 a kowane yanki idan ya yi tsawo. Sanarwa mai haruffa 120 ta zama saƙo biyu ke nan, kuɗinta ya ninka. Shi ya sa masu tura dubban saƙonni ke cire lanƙwasa. A ganina gara a taƙaita magana da a bar mai karatu yana laluben ko kasa ake nufi ko ƙasa.

Idan kuwa aka ga Æ™ a gurbin ƙ, ko É— a gurbin ɗ, abin da sauƙi. An ajiye rubutun da UTF-8 ne, wata manhaja ta karanta shi da Windows-1252, ta raba harafi ɗaya gida biyu. Ba abin da ya ɓace. Sau da yawa daga jerin sunaye na Excel ake kwaso wannan, don haka tun farko a adana jerin da zaɓin CSV UTF-8.

Matsalar PDF ta fi yawa a salon haruffa. Ɗan akwati ko fili a gurbin harafi yana nuna salon da aka ɗauka ba shi da zanensa. Manhajoji da yawa masu fitar da rasit ko sakamakon jarrabawa suna dogaro da Helvetica da Times na asalin PDF, waɗanda ba su san lanƙwasa ba. A koma Noto Sans, Charis SIL ko DejaVu Sans, a kuma tabbatar an cusa salon cikin takardar. A Adobe Reader, shafin Fonts da ke ƙarƙashin Document Properties zai nuna Embedded idan ya shiga. Kafin a buga, a gwada manyan haruffa Ƙ, Ɗ, Ɓ su ma, musamman a kanun takarda, inda galibi ake sa wani salon daban.