Karanta Bishiyar Bayanai Ɗaya Bayan Ɗaya Ba Tare da Cika Ƙwaƙwalwar Kwamfuta Ba

Masu rubuta manhaja suna da wata hanyar adana lambobi da suke kira bishiyar bincike mai rassa biyu. Bishiya ce da aka kifa, tushenta yana sama, rassanta suna gangarowa ƙasa. Kowace lamba tana zaune a kan gaɓa, kuma kowace gaɓa ba ta wuce 'ya'ya biyu, na hagu da na dama. Dokarta guda ce: duk abin da ke ɓangaren hagun gaɓa bai kai ta ba, duk abin da ke damanta ya fi ta. Saboda wannan doka, idan ka karanta hagu tukuna, sannan gaɓar kanta, sannan dama, lambobin za su fito a jere daga ƙarama zuwa babba.

Sai dai ba kullum ake buƙatar lambobin gaba ɗaya ba. Wani lokaci goma na farko kawai ake so, ko a karɓi ɗaya, a yi aiki da ita, sannan a dawo a karɓi ta gaba. Don haka ake gina ɗan na'ibi mai miƙo lambobin ɗaya ɗaya, wanda ke amsa umarni biyu: `next`, wato ba ni ta gaba, da `has_next`, wato akwai saura?

Hanyar da ta fi saurin zuwa wa mai koyo ita ce ya zagaye bishiyar duka tun farko, ya juye lambobin cikin dogon jeri, ya riƙa miƙo su. Tana aiki, amma da tsada. Idan gaɓoɓin sun kai 1,000,000, kuma kowace shaida tana cin bayit 8, jerin zai cinye kusan megabayit 8, ko da lambobi uku kacal za a nema. Ga kuma jiran da za a yi kafin lambar farko ta fito. A ganina wannan ɓarna ce, domin bishiyar ta riga ta tsara lambobin, kwafe ta kuwa maimaita aiki ne.

Dabarar da ta fi ita ce a riƙe hanyar komawa kawai. Ana amfani da tari, irin na faranti: wanda aka ɗora a ƙarshe shi ake fara ɗauka. Ga yadda ake rubuta shi da harshen Python:

```python
class BSTIterator:
    def __init__(self, root):
        self.stack = []
        self._push_left(root)

    def _push_left(self, node):
        while node:
            self.stack.append(node)
            node = node.left

    def has_next(self):
        return len(self.stack) > 0

    def next(self):
        node = self.stack.pop()
        self._push_left(node.right)
        return node.val
```

Duk hikimar tana cikin `_push_left`. Aikinsa shi ne ya tsaya a kan gaɓa, ya ɗora ta a tari, ya gangara hagu, ya sake ɗorawa, har sai hagun ya ƙare. Gaɓar da ta zo ƙarshe ita ce mafi ƙanƙanta a wannan reshe, kuma ita ce a saman tarin.

Bari mu bi misali a hankali. Tushen bishiyarmu 50 ne. A hagunsa akwai 30, a damansa 70. Ita 30 tana da 20 a hagu da 40 a dama, 40 kuma tana da 35 a hagunta. A can ɓangaren, 70 tana da 60 a hagu, ba ta da kowa a dama. Gaɓoɓi bakwai ke nan, kuma hanya mafi tsawo daga tushe zuwa ƙasa hawa huɗu ce: 50, 30, 40, 35.

Da an fara, sai a ɗora 50, a ɗora 30, a ɗora 20. Kiran `next` na farko ya cire 20. Ba ta da reshen dama, don haka ba a ƙara komai. Kira na biyu ya cire 30. A nan ne ake bukatar lura: kafin a koma kan 50, akwai lambobin da suka fi 30 amma ba su kai 50 ba, kuma dukkansu suna damar 30. Shi ya sa ake shiga 40 a ɗora ta, a gangara hagunta a ɗora 35. Yanzu tarin ya ƙunshi 50, 40, 35. Kira na uku ya ba da 35, na huɗu 40, na biyar 50. Cire 50 ya sa an ɗora 70 da 60, su ma suka fito, 60 sannan 70. Tari ya zama wayam, `has_next` ya ce babu saura. Abin da ya fito: 20, 30, 35, 40, 50, 60, 70, kuma tarin bai taɓa wuce gaɓoɓi uku ba.

Me ya hana tarin kumbura? Duk gaɓoɓin da ke cikinsa a kowane lokaci suna kan hanya ɗaya ce da ta taso daga tushe, su ne kakannin da aka bi ta hagunsu ba a riga an karanta su ba. Hanya ɗaya kuwa ba za ta fi tsawon bishiyar ba. Idan rassan sun daidaita, kowane hawa yana ninka na samansa sau biyu, saboda haka hawa 20 ya ishi gaɓoɓi miliyan ɗaya, tunda 2 da aka ninka da kanta sau 20 tana ba da 1,048,576. Shaidu 20 masu bayit 8 bayit 160 ne, a maimakon megabayit 8.

Wani zai ce ai `next` yakan yi doguwar gangara. Gaskiya ne, kira ɗaya zai iya yin taku daidai da tsawon bishiya. Amma kowace gaɓa sau ɗaya take shiga tari, sau ɗaya take fita. A misalinmu an ɗora sau bakwai, an cire sau bakwai. Idan aka raba aikin a kan dukkan kiraye-kirayen, kowane kira ya tashi da ɗorawa ɗaya da cirewa ɗaya, komai girman bishiyar.

Kurakuran da ake yi suna da alamomi bayyanannu. Wanda ya manta da reshen dama gaba ɗaya zai ga 20, 30, 50 kawai. Wanda ya ɗora ɗan dama shi kaɗai bai gangara hagunsa ba zai ga 20, 30, 40, 50, 70. Wannan ya fi haɗari, domin jerin ya fito a tsare kamar lafiya lau, alhali 35 da 60 sun ɓace. Maganinsa a ƙirga abin da ya fito a gwada da adadin gaɓoɓi. Kiran `next` bayan tari ya ƙare kuma yana jawo `IndexError`, shi ya sa ake tambayar `has_next` tukuna. Sannan kada a ƙara ko a goge gaɓa ana tsakar zagaye, domin tarin yana riƙe da tsohuwar hanya. `TreeMap` na harshen Java kan jefo `ConcurrentModificationException` idan ya gano an yi haka.

Akwai iyaka da ya kamata a faɗa a fili. Alkawarin shi ne tari ba zai wuce tsawon bishiya ba, ba wai zai kasance ƙarami kullum ba. Idan aka shigar da lambobi daga babba zuwa ƙarama cikin bishiyar da ba ta daidaita kanta, kowace sabuwa za ta faɗa hagun ta baya, bishiyar ta miƙe zuwa layi ɗaya, kuma `_push_left` zai ɗora gaɓoɓin duka a tashin farko. Ribar ta tafi ke nan. Maganin yana wurin ginin bishiyar: a yi amfani da mai daidaita kanta, kamar AVL da Adelson-Velsky da Landis suka fito da ita a 1962. Akwai kuma hanyar Joseph Morris ta 1979 wadda ba ta buƙatar tari sam, amma tana sauya mahaɗan bishiyar na ɗan lokaci, kuma idan aka tsaya a tsakiya za a bar ta a hargitse. Ga na'ibin da ake iya dakatarwa a kowane lokaci, hanyar tari ce ta fi aminci.

Mai karatu da ke koyon wannan fanni, ka zana bishiyar nan a takarda, ka ƙara 45 a damar 40, ka rubuta abin da ke cikin tarin bayan kowane kira. Idan 45 ta fito tsakanin 40 da 50, ka bi hanyar daidai.